Détails na waya ko ExifTool: wanne za ka yarda da shi kafin ka tura kuɗi a kan hoto?

Ni dai sana'ata hoto ce, ina da ɗan shago nan Damagaram kusa da Kasuwar Dole, ɗaukar hoton biki da suna da hoton katin ɗan ƙasa da wanke hoto, to kusan kullum sai wani ya shigo da waya a hannu yana cewa Malam duba mini hoton nan na gaskiya ne ko an taɓa shi. Wanda ya sa na zauna rubuta wannan ƙanena ne, da ya tara kuɗinshi yana son sayen adaidaita ta hannu daga Kano, mutum biyu suka turo mishi hoto kuma kowanne na cewa a turo kafin alƙalami jaka ɗari biyu kafin wani ya riga shi. Ya zo mini da azama wai ya gama bincike, ya shiga Détails a cikin galeri ya ga hoton mutum na farko akwai sunan waya da kwanan wata da komai, na biyu kuwa fayau babu ko ɗaya, "Yaya ai ka ga na farkon nan shi ne mai gaskiya, ɗayan ɓoye wani abu yake." Na ce mishi zauna tukuna, ka karanta abin a juye.

Duk lokacin da waya ko kyamara ta ɗauki hoto tana liƙa wani ɗan rubutu a cikin fayil ɗin wanda ido ba ya gani a jikin hoton, shi ake kira EXIF, kamfanonin Japan suka fito da tsarin tun 1995. A ciki akwai sunan kamfani, samfurin na'ura, lokacin da aka danna, yawan hasken da aka buɗe, wani lokaci har da wurin da mutum yake tsaye. Hanyoyin karanta shi da mutanenmu ke iya kaiwa gare su guda biyu ne manya: ko dai Détails ɗin da ke cikin galerin waya, ko kuma ExifTool a kwamfuta, wata manhaja ce kyauta da wani ɗan Kanada mai suna Phil Harvey ya fitar a 2003. Bambancinsu kuwa shi ne Détails yana nuna maka layukan da suka fi sauƙin yin ƙarya, ExifTool yana tono waɗanda mai gyara ke mantawa da su.

Na fara da hoton mutum na biyu da ƙanena ya yanke wa hukunci. Sunan fayil ɗin kawai na kalla, yana farawa da IMG sai kwanan wata sai WA da lamba huɗu, irin IMG-20240310-WA0012.jpg. Wannan sunan WhatsApp ne ya raɗa, kuma duk hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto na yau da kullum sai ya matse shi, ya rage tsawonshi zuwa wajen 1600 a gefen da ya fi tsawo, ya goge EXIF ɗin kaf. Ko ka danna HD ɗin nan da suka ƙara a 2023 girman ne kawai ke ƙaruwa, bayanan dai sun tafi. Facebook ma haka yake yi, sai dai shi yakan bar tambarinshi, wani dogon layi mai farawa da FBMD, idan ka gan shi ka san hoton daga Facebook ko Instagram aka sauke shi. Hoton allo, wato wanda aka danna maɓalli biyu aka kwafe fuskar waya, shi ma ba ya ɗauke da bayanin kyamara. To ka ga rashin bayani bai nuna an yi gyara ba kuma bai nuna ba a yi ba, shiru ne kawai. Kwanan watan da Détails ke nuna maka a irin wannan hoton ma ranar da ya shigo wayarka ce, ba ranar da aka ɗauka ba, mutane da yawa nan suke faɗawa.

Na farkon kuwa a matsayin Document aka turo shi, shi ya sa bayananshi suka iso lafiya, don Document WhatsApp ba ya taɓa shi, yadda ka ba shi haka yake kaiwa. Détails ya nuna samsung SM-A125F, wato Galaxy A12, ranar 2 ga Maris da ƙarfe goma da kwata na safe, da lambobin ISO da sauransu. Duk ya yi kyau a ido. Na jawo fayil ɗin da kebul zuwa kwamfutar shago, na buga wannan:

```
exiftool -a -G1 -s hoto1.jpg
```

Layuka suka zubo fiye da ɗari, amma waɗanda suka tsayar da ni su ne waɗannan:

```
[IFD0]      Make             : samsung
[IFD0]      Model            : SM-A125F
[IFD0]      Software         : Adobe Photoshop CS6 (Windows)
[IFD0]      ModifyDate       : 2024:03:09 22:41:07
[ExifIFD]   DateTimeOriginal : 2024:03:02 10:15:33
[File]      ImageWidth       : 3412
[File]      ImageHeight      : 2560
```

Layin Software shi ne farkon abin da nake dubawa kullum, kuma shi ne galerin yawancin wayoyi ba ya nunawa sam. Idan hoto ya fito kai tsaye daga wayar Samsung abin da ke wurin lambar firmwaya ce, haruffa da lambobi a cakuɗe masu farawa da samfurin wayar, a wannan sai ka ga ya fara da A125F. iPhone lambar iOS take sawa, kamar 17.5.1. Tecno da Infinix da itel da yawa masu injin MediaTek za ka ga an rubuta MediaTek Camera Application. Kyamarori irin Nikon ɗina su kuma Ver.1.00 ko makamancin haka. To da ka ga Photoshop ko GIMP ko Snapseed ko Lightroom a wannan gurbin, hoton ya bi ta hannun manhajar gyara bayan ya bar kyamara, babu tantama a nan.

Sai lokaci. A cikin EXIF akwai agogo uku da ya kamata ka jera su: DateTimeOriginal lokacin da aka danna, CreateDate lokacin da hoton ya zama fayil, ModifyDate lokacin da aka yi mishi ajiyar ƙarshe. Hoton da ba a taɓa ba ukun nan ɗaya suke har daƙiƙa. A na wannan mutumin an ɗauka da safiyar 2 ga wata, an sake ajiyewa daren 9 ga wata ƙarfe goma da minti arba'in da ɗaya, mako guda tsakani. Akwai na huɗu da ake kira FileModifyDate, wannan kar ka ɓata lokacinka a kanshi, na waya ko kwamfutar da fayil ɗin ke zaune ne, kwafewa ko saukewa kaɗai na iya canza shi. Don ka ga duk agogon a wuri ɗaya:

```
exiftool -time:all -a -G1 -s hoto1.jpg
```

Na uku girma. Galaxy A12 kyamararta megafiksel 48 ce a takarda amma a saitin da ta zo da shi tana haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya, hoton ya fito 4000 da 3000. 3412 da 2560 ba girman da wata waya ke fitarwa da kanta ba ne, lamba ce ta wanda ya ja layi da linzamin kwamfuta ya datse gefe. Ni wannan dabarar ta girma na fi son ta, don ko a Détails ana ganin ta, kawai mutane ba su san su kwatanta ba. Idan kana da wanda ke da irin wayar a unguwa ka ce ya ɗauki hoton bango ya turo maka Document, ka ajiye su gefe da gefe, duk layin da ke cikin nashi babu a ɗayan ko akasin haka ka tambayi dalili.

Can ƙasa kuma akwai wani ɓangare da Photoshop ke ƙarawa, XMP, wanda yake kamar littafin rajista: HistoryAction, HistorySoftwareAgent, HistoryWhen, da DocumentID. Nan na ga an ajiye fayil ɗin sau biyu a daren. Wayar A12 ba ta rubuta wannan, ba ta ma san da shi ba.

Ƙanena ya zabura ya ce ashe ɓarawo ne. Na ce a'a dakata, nan ne iyakar abin da takardar ta faɗa. Ta ce an buɗe hoton a Photoshop, an datse, an ajiye. Ba ta ce an goge tabo a jikin adaidaitar ba, ba ta ce an canza lambar ta ba. Ni kaina duk hoton amarya da ya fita shagona sai ya bi ta Lightroom don in gyara haske, ranar Hawan Sallah da rana ta take a gaban fadar Sarkin Damagaram idan ban rage hasken ba fararen rawuna duk narkewa suke a hoton, kuma babu wanda zai ce mahayan na ƙarya ne. To tambayar da ta dace ita ce me ya kai hoton adaidaitar sayarwa cikin Photoshop da dare, me aka datse a gefe. Muka tura wa mutumin saƙon murya, ƙanena ya ce "Alhaji don Allah a turo mana asalin hoton yadda ya fito daga waya, a matsayin Document." Ya ce wai yaronshi ne ya ɗauka kuma ya goge. Muka ce to a sake ɗaukar sabo yau, ta ɓangaren hagu. Har yanzu muna jira.

Yanzu ga ɗaya gefen, wanda ya sa ban yarda a ɗauki ExifTool kamar alƙali ba. Don in nuna wa ƙanena sai na ɗauki wancan hoton na WhatsApp da babu komai a ciki na buga:

```
exiftool -Make=Canon -Model="Canon EOS 600D" hoto2.jpg
```

Daƙiƙa ɗaya, na mayar mishi a waya ya buɗe Détails, ga Canon EOS 600D ɓaro-ɓaro. Ya riƙe baki. Make da Model da kwanan wata rubutu ne kawai, ba su da makulli, kowa na iya sawa ko gogewa, iPhone ma tun iOS 15 a cikin galerin kanta akwai wurin canza kwanan wata da wurin ɗauka. Shi ya sa na ce Détails layukan da suka fi arha yake nunawa. Amma ƙaryar da na yi ɗin nan ba ta da ƙafa, ExifTool na buɗewa za ka gane: hoton da ya ce daga Canon 600D yake ya kamata ya zama 5184 da 3456, ba 1600 da 1200 ba, kuma ya kamata a samu MakerNotes, wani babban ɓangare da kowane kamfani ke rubutawa da salon kanshi, a Canon akwai lambar siriyal ta kyamarar da irin gilashin da aka ɗaura, a Nikon har adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka yana nan a ShutterCount. Sunan Canon ba tare da MakerNotes na Canon ba kamar mutum ne ya zo da rigar soja da silifas. Sai dai kar ka matsa wannan a kan ƙananan wayoyi, da yawansu ba su rubuta wani abin kirki a wurin tun asali, kuma Photoshop ma yakan zubar da MakerNotes idan ya ajiye.

Akwai kuma ɗan ƙaramin hoto da kyamara ke ɓoyewa a cikin babban, a kyamarori yawanci 160 da 120 ne. Ana ciro shi haka:

```
exiftool -b -ThumbnailImage hoto1.jpg > karami.jpg
```

Wasu manhajoji suna gyara babban su manta da ƙaramin, sai ka ga abin da aka datse ko aka goge yana nan daram a ciki. Idan ka dace da wannan ka gama, shaida ce da ba a musu da ita. Amma Photoshop yana sabunta shi, a hoton Alhajin nan ƙaramin da babban iri ɗaya suka fito, ban samu komai ba. Haka wanda ya san aiki sosai zai iya kwafe dukkan EXIF na wani hoton gaskiya ya liƙa wa na jabu, a nan ma ƙaramin hoton da girma ne suka fi tona shi, idan kuma ya gyara su duka to gaskiya karatun layuka ba zai kama shi ba. Kamfanoni sun fara sa wa hoto sa hannu na sirri da ba a iya kwaikwaya, C2PA ake ce mishi, Leica M11-P ta 2023 ce kyamarar farko da ta zo da shi, amma wa zai ɗauki hoton adaidaita da Leica.

Mu koma kan mutum na biyu. Shi da aka ce ya turo Document ko minti goma ba a yi ba ya turo. Tecno ce, Software ya nuna MediaTek Camera Application, agogo ukun duk ɗaya, sunan fayil ɗin irin na wayar ne mai kwanan wata da lokaci kuma ya yi daidai da DateTimeOriginal, girma na asali, babu XMP na Adobe, ƙaramin hoto daidai da babba. Har GPS akwai, wajen 12.0 arewa da 8.5 gabas, Kano kenan, mu nan Damagaram wajen 13.8 da 9.0 muke. Wani abu da ke ruɗa mutane: GPSTimeStamp agogon duniya yake bi, UTC, mu kuma da Nijar da Najeriya awa ɗaya muke gabanshi, don haka idan hoton ya ce ƙarfe huɗu na yamma GPS ya ce ƙarfe uku, daidai ne, alama ce mai kyau ma. In ka ga tazarar awa biyar ko shida to ko agogon wayar a karkace yake ko hoton ba a yankin nan aka ɗauke shi ba. Rashin GPS kuwa ba laifi ba ne, yawancin mutane a kashe yake a kyamararsu.

Komai tsaf, sai abu ɗaya: shekarar. An ɗauki hoton a Janairun 2023, wata goma sha huɗu kafin ranar da muke zaune. Hoton gaskiya ne ɗari bisa ɗari, ba wanda ya taɓa shi, amma adaidaitar da ta yi wata goma sha huɗu tana haya a Kano ai ba ita ce ta cikin hoton ba kuma. Wannan kam ko Détails zai nuna maka, in dai Document aka turo. Irin wannan iyakar ce ta sa nake cewa hoto ya fito daga kyamara ta gaske daban, abin da ke cikinshi gaskiya ne daban. Mutum na iya buɗe hoton jabu a allon kwamfuta ya ɗauke shi da wayarshi, EXIF ya fito tsarkakakke, sai dai ka kama shi da ido, ka zuƙo hoton ka ga wasu layuka masu kama da saƙar tabarma ko ƙyallin allo.

To wanne za ka zaɓa? Idan abin da kake son sani shi ne yaushe aka ɗauka da wace waya kuma girman ya yi daidai, kuma kuɗin da ke ciki ba su taka kara sun karya ba, Détails ya ishe ka, da sharaɗin fayil ɗin Document ne, in ba haka ba ma kar ka buɗe. Idan kana da kwamfuta mai Windows amma baƙin allon rubutu na ba ka tsoro, danna dama a kan hoton ka shiga Propriétés sannan Détails, akwai layin Nom du programme, shi ne Software ɗin nan, rabin aikin kenan. Shafukan intanet da ake loda hoto su karanta maka suna aiki, da yawansu ma ExifTool ɗin ne a ƙarƙashi, amma suna cin mega kuma ka miƙa wa wanda ba ka sani ba hoto da GPS ɗinshi, ni ba na sa hoton iyali ko takardar fili a can. Idan kuwa maganar jaka ɗari biyu ce ko fili ko rigimar da za ta kai gaban manya, ka nemi ExifTool, ba ya buƙatar rezo bayan ka sauke shi, a Windows ma kana iya jan hoton ka sake shi a kan exiftool(-k).exe ya zubo maka komai ba tare da ka buga ko harafi ba. Ni yadda nake auna su, idan ExifTool ya ce an taɓa hoto ina yarda da shi kusan kai tsaye, don ba wanda ke ƙara wa hotonshi sunan Photoshop da gangan, idan kuma ya ce bai ga komai ba sai in ɗauka bai gani ba ne kawai.

Abin da muka yi da mutum na biyu shi ne ƙanena ya kira shi ya ce "Malam a taimaka a rubuta sunana da kwanan watan yau a takarda a ɗora kan kujerar direba, a ɗauki hoto uku a jere, gaba da gefe da lambar inji, a turo Document." Bayan la'asar suka shigo. Tecno ɗin dai ce, ranar ta yi daidai, tsakanin na farko da na ukun daƙiƙa hamsin da 'yan kai, GPS ɗin ukun wuri ɗaya. A sabon hoton rufin ya koɗe, fitilar dama ta tsage, ga walda a ƙasan ƙofa wadda babu ita a na bara. Ƙanena ya ce a rage mishi kuɗin fitila da tampol, suka yi ta ja har aka daidaita, kafin alƙalamin ma ya ce ba zai tura ba sai ya gani da idonshi, ranar Asabar ya hau mota ta Matamaye.